Darasin wannan satin: miin, midiyan ko mod, wanne za ka ɗauka in ana maganar kuɗin shiga

Salam jama'a, 'yan aji ɗaya. Ga bayanin da na ce zan rubuto muku kafin tes ɗin ranar Laraba, don na duba asamen ɗinku na ga kusan kowa ya iya lissafin, amma da aka zo tambaya ta uku da aka ce zaɓi ɗaya ka faɗi dalili sai kowa ya rubuta miin kawai ya wuce, wasu ma ko dalilin babu.

Ku ɗauki wannan misalin, ni na ƙirƙire shi don darasi, ba wani bincike ba ne. A ce mun shiga wani layi a Jekadafari mun tambayi magidanta 11 nawa suke samu a wata. A dubun naira, bayan an jera daga ƙarami zuwa babba:

30, 30, 30, 40, 45, 55, 60, 70, 85, 105, 1100

Goman farko akwai ɗan acaɓa, tela, malamin firamare, mai shayi da sauransu. Na ƙarshen wani Alhaji ne dillalin hatsi a Tudun Hatsi, mai loda tirela zuwa kudu.

Miin shi ne abarej ɗin da kuka sani tun sakandare, ka tara duka ka raba da yawansu. Jimla 1,650, a raba 11, ya ba da 150, wato naira 150,000. Midiyan kuma wanda ya zauna a tsakiyar layi bayan an jera, a nan mutum na shida ne, biyar a ƙasansa biyar a samansa, 55,000. Mod shi ne adadin da ya fi maimaituwa, 30,000, sau uku.

To yanzu ku tsaya ku kalli 150,000 ɗin nan da kyau. Mutum nawa ne a layin ke samun haka? Babu ko ɗaya. Goma cikin sha ɗaya suna ƙasa da shi, mutum ɗaya ya yi masa fintinkau. In ka rubuta a rahoto cewa magidancin layin nan yana samun dubu ɗari da hamsin a wata, lissafinka daidai ne amma mai shayin nan in ya ji sai ya ce to ina nasa kason yake. Abin da ya faru shi ne miin yana aiki da girman kowace lamba, don haka Alhaji shi kaɗai ya ja shi sama. Midiyan kuwa ba ruwansa da girman lamba, matsayi kawai yake kallo. Ku gwada da kanku, ku ninka kuɗin Alhaji ya koma 2,200, miin zai tashi zuwa 250 amma midiyan yana nan a 55 ko gezau. Ku cire shi gaba ɗaya, saura mutum 10, miin ya faɗo 55, midiyan ya zama tsakanin 45 da 55 wato 50, kun ga sun dawo kusa da juna.

Haka kuɗin shiga yake kusan ko'ina a duniya. Ta ƙasa yana da iyaka, da wuya a sauka ƙasa da sifili, amma ta sama babu rufi, jama'a da yawa sun cunkushe a ƙasa sai 'yan tsiraru su miƙa can nesa har ka kai ga irin su Aliko Dangote. In ka zana histogiram za ka ga tudu a hagu da doguwar jela a dama, shi ake cewa ya karkata dama. Jelar ake bi wajen sa suna ba tudun ba, nan ne da yawanku ke faɗuwa a jarrabawa. A irin wannan yawanci mod ne ƙarami, sai midiyan, sai miin a sama. Na ce yawanci fa, ba dole ba ne kullum.

Saboda haka in tambayar ita ce nawa talakan layin nan yake samu, ko ina tsakiyar jama'a take, amsa midiyan. Ko a ce ana so a gwada da mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, da miin sai ka ce ai mutanen nan sun ninka shi har da ɗoriya, alhali mutum bakwai cikin sha ɗaya ba su kai shi ba.

Amma kar wani ya tafi da cewa miin ba shi da amfani. In abin da ake nema jimla ce, misali nawa ne ke shigowa layin gaba ɗaya, ko hukumar haraji tana hasashen abin da za ta tara, ko mai son buɗe shago yana auna kuɗin da ke yawo a unguwa, miin ne kaɗai zai mayar maka da ita, 150 sau 11 ka samu 1,650 cif. Ka gwada da midiyan, 55 sau 11 ya ba ka 605, ka zubar da sama da miliyan ɗaya a hanya. Irin alƙaluman da ake cewa kuɗin ƙasa a kan kowane mutum ma ai miin ne, an raba arzikin ƙasa da yawan jama'a, shi ya sa yana iya hawa alhali aljihun yawancin mutane bai canza ba. Sannan shi ma midiyan yana da nasa makanta. A ce mutum ukun nan masu 30 sun faɗo zuwa 10 saboda kasuwa ta mutu, midiyan zai ci gaba da cewa 55 kamar ba abin da ya faru. Ni dai a ra'ayina in kana da wuri ka kawo su biyun tare, tazarar da ke tsakanin 55 da 150 ita kanta labari ce.

Mod kam a kan kuɗi ku bi shi a hankali. Mutanenmu in ka tambaye su abin da suke samu sai su ce "kamar dubu talatin haka", ba mai ce maka 31,400, to lambobi sai su taru a 30 da 50 da 100 saboda cikon baki kawai. Wani lokacin kuma ba lambar da ta maimaitu sam. Inda yake da amfani sosai shi ne abin da ba lamba ba, kamar wace sana'a ce ta fi yawa a layin, ko kuma in an kasa kuɗin rukuni-rukuni a ce wane rukuni ne ya fi jama'a. Karl Pearson ne ya raɗa masa suna a 1895, kuma akwai dabarar da ake jingina masa wadda wasunku suka haddace, mod kusan 3 sau midiyan a cire 2 sau miin. Ku sa lambobinmu ku gani, 165 a cire 300, an samu −135. Kuɗin shiga ƙasa da sifili! Dabarar ta ɗan ƙaramin karkata ce, ba irin wannan ba.

Wani abu kuma, in aka ba ku tebur mai rukunin ƙarshe a buɗe, kamar "200,000 zuwa sama", ba ku da tsakiyar rukunin balle ku lissafa miin sai da cinke, amma midiyan zai fito lafiya muddin bai faɗa cikin wannan rukunin ba. Kuma don Allah kar ku goge Alhaji don ya ɓata muku lissafi. Ku fara duba takardar tambaya ko 110 ne aka ƙara wa sifili wajen shigarwa, in kuskure ne a gyara, in gaskiya ne ya zauna.

Masu laftof, ku zuba lambobin a A1 zuwa A11 a Excel:

```
=AVERAGE(A1:A11)
=MEDIAN(A1:A11)
=MODE.SNGL(A1:A11)
```

In na ƙarshen ya nuna #N/A ba lalacewa ya yi ba, babu lambar da ta maimaitu ne.

Aikin gida: ku ƙara mutum na 12 mai samun 65, ku sake lissafa ukun, sannan ku rubuta layi biyu kan wanda za ku ba kansila in yana son sanin halin da magidantan layin ke ciki, da wanda za ku ba mai son buɗe shagon kayan masarufi. A ba kilas raf kafin azahar ɗin Talata.