Amsa Kan Zargin Tauye Mudu

Jama'a, assalamu alaikum. Ni ce Hajiya Rabi mai awo. Tun Talata ake yaɗa saƙon murya cewa na buga gindin muduna ya shige ciki, ina tauye wa mutane shinkafa. Wallahi ƙarya ne.

Jiya Sarkin Kasuwa ya zo da mudunsa gaban shaidu uku, aka cika nawa aka juye a nasa har sau 5, bai ragu ba. Mudun da aka buga gindinsa ba ya ɓuya, kifa shi kawai za a yi a ga lotsawar. Nawa yana kan tebur, kowa ya zo ya kifa.

Wanda yake ganin awonsa bai cika ba, ya dawo da shi mu sake aunawa a idonsa. In ya gaza, zan cika masa in mayar da kuɗinsa.

Ɗan'uwa mai saƙon, shekara 12 ina gina amanar nan. Ka ji tsoron Allah, ka janye maganarka a inda ka yaɗa ta kafin Juma'a, in ba haka ba zan kai ƙara wajen shugabannin kasuwa.