Takardar Neman Gurbin Karatu a Fannin Tsara Kiɗa

14 ga Maris, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Kiɗa da Waƙa,
Tsangayar Fasaha.

Ranka ya daɗe,

NEMAN GURBIN KARATUN DIGIRI NA FARKO A FANNIN TSARA KIƊA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda ne domin in bayyana wa sashenku dalilin da ya sa nake neman a ba ni gurbin karatu a fannin tsara kiɗa. Sunana Hauwa'u Sani, shekaruna 24, ina da takardar shaidar malanta, kuma shekara uku ke nan ina koyarwa a wata makarantar firamare, inda aka ɗora mini nauyin kula da ƙungiyar mawaƙan makarantar mai ɗalibai 32.

Ban taɓa zama a ajin kiɗa ba. Abin da na iya da kunne na koye shi, a kan wani ƙaramin piyano na lantarki da na samu ina da shekara 15, kuma tun daga lokacin nake ƙirƙirar karin waƙa ina riƙe shi a kaina. Na daɗe ina ganin wannan ya wadatar, har zuwa shekarar 2023 da na tsara wa ɗalibaina wata waƙa ta minti huɗu domin bikin ƙarshen zango. Saura kwana tara a yi bikin, sai rashin lafiya ta kwantar da ni. Abokiyar aikina, wadda ta iya karanta rubutun kiɗa, ta zo ta ce in ba ta takardar waƙar ta ci gaba da horar da yaran, sai na ga ba ni da abin ba ta in ban da baitocin. Inda murya za ta hau, da inda za ta sauka, da tsawon da za a ja kowace gaɓa, da wurin da 'yan amshi za su shigo, duk suna cikin kaina. Yaran sun rera abin da suka tuna, rabin waƙar kuwa bai fito ba. A kan gadon jinya na fahimci cewa mai tsara kiɗa na gaskiya shi ne wanda aikinsa zai iya tashi a hannun wasu ko da ba ya wurin, kuma na ƙudura cewa sai na koyi hakan.

Da na warke sai na fara koyon rubutun kiɗa da kaina. Na yi mamakin sanin cewa wannan buƙata tawa ita ce ta haifar da rubutun tun asali, domin Guido na Arezzo, a farkon ƙarni na 11, ya tsara hanyar ɗora alamomin sauti a kan layuka ne saboda mawaƙa su iya rera waƙar da ba su taɓa ji ba. Yanzu ina iya rubuta kari guda a kan layuka biyar, in sa masa ma'aunin lokaci, in kuma karanta na wani a hankali. Sai dai a nan ne na ci karo da matsalar da ta sa nake rubuto muku, wadda kuma nake ganin ba zan iya warware ta ni kaɗai ba.

Matsalar ita ce haɗa muryoyi da yawa a kan kalmomin harshe mai karin sauti. A Hausa, hawa da saukar murya wani ɓangare ne na ma'anar kalma: “wuya” na jiki sama yake farawa ya sauko, “wuya” ta wahala kuwa daga ƙasa take farawa ta hau, haka ma “kuka” na hawaye ya bambanta da “kuka” ta itace a gaɓar ƙarshe. Idan murya ɗaya ce ke rera waƙa, kunnena yakan shiryar da ni, in bi karin kalmar inda ya zama dole, in saɓa masa inda jimlar ta riga ta fayyace ma'ana. Amma littattafan da na karanta a kan jituwar muryoyi suna koyar da cewa ya fi daɗi muryoyi biyu su riƙa tafiya a saɓe, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, suna kuma hana muryoyi biyu su jera suna tafiya tare da tazarar mataki biyar ko takwas a tsakaninsu. Da na gwada bin wannan ƙa'ida, sai muryar sama ta faɗi kalmar daidai, ta ƙasa kuma ta juya ta, har wata ɗaliba 'yar shekara goma ta ce mini, “Malama, mu fa abin da muke faɗa ba shi ba ne.” Gaskiyarta ce. Da na koma na sa dukkan muryoyin suka bi karin kalma tare, ma'ana ta dawo, amma kiɗan ya zama kamar murya ɗaya ce aka ninka, babu wadda ke da tafiyar kanta.

Na gwada dabaru kaɗan. Na sa muryar ƙasa ta riƙe sauti ɗaya tana ja yayin da ta sama ke ɗauke da kalmomi. Na sa murya ta biyu ta shigo da kari iri ɗaya bayan ta farko ta yi nisan daƙiƙa biyu, ta yadda kowacce za ta kiyaye karin kalmominta amma ba a lokaci guda ba. Wannan ta biyun ta fi ba ni abin da nake so, sai dai tana yi mini aiki ne a wasu wurare ta ƙi a wasu, kuma ba na iya faɗin dalili kafin in gwada. Ga kuma batun tsawon gaɓa, wanda a ganina ya ma fi karin sauti tsanani, domin da zarar an ja gajeriyar gaɓa ko an taƙaita doguwa, mai sauraro yakan ji waƙar ta yi tuntuɓe nan take. Abin da nake nema a wurinku shi ne ilimin saƙa muryoyi da na jituwarsu daga tushe, a hannun malamin da zai duba aikina mako-mako ya nuna mini inda na kauce, domin in san dalilin kowace ƙa'ida kafin in yanke shawarar wadda zan bi da wadda harshen waƙata zai sa in ajiye.

Na san ba ni ce ta farko da ta tsaya a wannan mararraba ba, kuma hakan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Béla Bartók ya fara yawo ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya a 1906 tare da Zoltán Kodály, kuma abin da ya jiyo a bakin manoma ya shiga har cikin ginin kiɗansa, bai tsaya a matsayin ado ba. Fela Sowande, wanda ya ƙware a kiɗan ogan, ya ɗauki kare-karen waƙoƙin Afirka ta Yamma ya tsara su domin ƙungiyar masu kayan tsirkiya. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya shafe shekaru yana nuna yadda za a sa piyano ya yi magana irin ta ganguna. Abin da na lura da shi a tarihin mutanen nan uku shi ne, kowannensu sai da ya yi karatun tsara kiɗa mai zurfi kafin ya iya sarrafa abin da ya gada yadda yake so. Ba na kwatanta kaina da su, hanyar da suka bi ce nake roƙon a ba ni damar takawa.

Akwai wani abu kuma da nake son fahimta, wato daidaita sauti. Na karanta cewa idan aka danne tsirkiya a tsakiyarta, sautin yakan ninku, kamar daga girgiza 440 a daƙiƙa zuwa 880, idan kuma aka bar kashi biyu cikin uku na tsawonta sai a sami mataki na biyar. Amma in aka jera mataki na biyar sau 12, ba ya faɗawa daidai kan ninki na bakwai, yakan ɗan zarce, shi ya sa ake rage kaɗan daga kowanne wajen daidaita piyano domin a raba ninki gida 12 daidai-wa-daida. Wannan ya bayyana mini abin da kunnena ya daɗe yana ji, cewa mai goge yakan taɓa wasu sautuka da ke faɗawa tsakanin maɓallan piyano, kuma ba kuskure yake yi ba. Ina son in koyi yadda ake rubuta wa irin waɗannan kayan kiɗa tare da piyano ko kayan busa ba tare da an tilasta wa ɗaya ya bar halinsa ba.

Na haɗa wannan takarda da ayyuka uku, kowanne da rubutunsa da kuma sautinsa da aka ɗauka. Na farko shi ne waƙar 2023 da na ambata, wadda na rubuta bayan na warke, domin muryoyin yara kashi biyu. Na biyu ɗan gajeren kiɗan piyano ne na minti biyu da rabi, wanda hannun dama ke tafiya da bugu uku yayin da na hagu ke tafiya da biyu. Na uku, na sarewa da piyano, shi ne mafi tsawo kuma shi ne mafi rauni, na kuwa sa shi ne da gangan domin ku ga iyakata: yana farawa da kari mai kyau, amma bayan minti ɗaya ba na sanin yadda zan raya shi, sai in maimaita shi ko in kawo wani sabo da bai da alaƙa da na farkon. Yadda ake ɗaukar ɗan ƙaramin tunani a juya shi, a faɗaɗa shi, a ɓoye shi sannan a dawo da shi har ya riƙe mai sauraro na minti goma, wannan ne babban giɓin da ke cikin aikina.

Ba zan ɓoye muku ba, karatun rubutun kiɗa nan take yana yi mini nauyi har yanzu, kuma yatsuna a kan piyano sun saba da wasu halaye da za su buƙaci gyara. Tun watan Satumban bara nake ware awa ɗaya kowace safiya kafin in tafi aiki domin horar da kunne da karatu, kuma idan sashen ya ga ya dace in fara da darussan share fage, zan karɓa da hannu biyu. Abin da zan zo da shi kuwa shi ne shekara uku na tsara waƙa ga mutane na zahiri, yaran da numfashinsu ke da iyaka kuma muryarsu ba ta wuce wani mataki, waɗanda suka koya mini cewa duk abin da aka rubuta a takarda sai ya bi ta maƙogwaron wani kafin ya zama waƙa. Bayan kammala karatu, burina shi ne in tsara wa ƙungiyoyin mawaƙa na makarantu waƙoƙi masu muryoyi uku da huɗu a rubuce, waɗanda kowane malami zai iya ɗauka ya koyar ba tare da ya taɓa ganina ba.

A shirye nake in zo jarrabawar gwaji da ganawa a duk ranar da sashen ya tsayar, kuma shugabar makarantarmu ta amince ta sallame ni daga aiki da zarar zangon karatu ya fara. Ina roƙon a duba buƙatata da ayyukan da na haɗo. Na gode da lokacin da kuka ba wannan takarda.

Taka mai biyayya,

Hauwa'u Sani