Samfurin Hadiza

Wata uku Hadiza ta yi tana haɗa bincikenta na kammala digiri: ɗalibai nawa ne a jami'arsu ke karanta littafi bayan na darasi? Ta buga takardun tambaya 200, ta tsaya a ƙofar laburare, duk wanda ya fito ta miƙa masa. Da ta ƙirga, 170 sun ce suna karantawa. Kashi 85 cikin ɗari! Daren nan da ƙyar ta yi barci don murna.

Malamin da ke duba aikinta ya daɗe yana kallon jadawalin.

"Hadiza, a ina kika raba takardun?"

"A ƙofar laburare, Malam."

"To waɗanda ba sa zuwa laburare fa, wa ya tambaye su?"

Gabanta ya faɗi. Lissafinta daidai yake, amma masu son karatu kaɗai ta tambaya ko suna karatu.

"Malam, in ƙara wasu 200?"

"Ko dubu kika ƙara a wannan ƙofar, amsar ɗaya ce. Nemi jerin sunayen ɗalibai duka, ki zaɓa ta ƙuri'a, ki bi su har ɗakunan kwanansu."

Ta share hawaye, ta nufi ofishin rajista.