Jawabin Taƙaita Babi na Shida: Tsarin Yanayin Duniya

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam, barka da safiya. 'Yan'uwana ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Ni ce rukuni na uku ya wakilta in taƙaita mana babi na shida na darasin labarin ƙasa, wanda ya yi magana a kan tsarin yanayin duniya. Malam ya ba ni minti bakwai, don haka zan tafi kai tsaye.

Babin ya fara da raba abu biyu. Idan aka ce yau hadari ya haɗo, ko jiya an kwana da sanyi, wannan yanayin yini ɗaya ne, gobe yana iya sauyawa. Abin da babinmu ya damu da shi shi ne halin da wuri ya saba da shi shekara da shekaru, kuma masana kan ɗauki matsakaicin shekara 30 kafin su yanke hukunci. Shi ya sa manomi a Katsina ya san ba a shuka gero a watan Janairu, ko da bai saurari hasashen rediyo ba.

Tsarin yana da sassa biyar: iskar da ta lulluɓe duniya, ruwa na teku da koguna da tafkuna, ƙanƙara, doron ƙasa, sai kuma masu rai, wato tsirrai da dabbobi da mu kanmu. Haddace su ba wuya. Abin da nake roƙo mu riƙe shi ne, babu ɗaya a cikinsu da yake aiki shi kaɗai, kuma rana ce take motsa su duka.

Hasken da rana ke aiko wa duniya, kusan kashi 30 cikin 100 yana komawa sama, domin gajimare da ƙanƙara da farin yashi suna mayar da shi. Sauran kuwa ƙasa da teku da iska suke shanyewa, su yi ɗumi, sannan su saki zafin. A nan ne wasu iskoki suke tare wani ɓangare na zafin kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki: tururin ruwa, kabon dayoksaid da misen. Ba don su ba, da matsakaicin zafin duniya ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Da su kuwa yana wajen digiri 15. Kenan wannan rufin rahama ne. Damuwar ita ce yana ƙara kauri. Kafin zamanin masana'antu, kabon dayoksaid kashi 280 ne cikin miliyan ɗaya na iska, yanzu ya haura 420, saboda ƙona kwal da fetur da gas da kuma sare dazuzzuka.

To amma rana ba ta dafa duniya daidai wa daida. Tsakiyar duniya ta fi samun zafi, ƙarshenta na arewa da na kudu kuwa kaɗan suke samu. Ga shi kuma duniyar a karkace take da digiri 23.5, shi ya sa wurin da rana ta fi bugawa yake matsawa arewa, ya koma kudu, a cikin shekara. Wannan bambancin zafi shi ke haifar da iska, shi ke tura ruwan teku daga wuri zuwa wuri.

Don Allah mu dubi taswirar da ke jikin allo, domin nan ne babin ya iso ƙofar gidanmu, kuma nan ne ya fi burge ni.

Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce, tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara. Ita ce hunturu. Yawancin hazon da ke rufe mana gari daga Disamba zuwa Fabrairu, har jirage su kasa sauka a Kano, ƙura ce da ta taso daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ɗayar kuma mai laima ce, tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da tururin ruwa. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar tana bin rana. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, mu duka muna hannun hunturu. Daga Maris sai ta fara hawowa arewa. Kafin ta iso mu, ƙasa ta gasu, wannan ita ce bazara. Idan ta wuce mu, iska mai laima ta shigo, sai damina ta sauka. A watan Agusta ta kai ƙarshen tafiyarta a bakin Sahara, lokacin ne muke cikin marka. Daga nan ta juya, kaka ta shigo.

Wannan kai-komo shi ya bayyana dalilin da ya sa Fatakwal ke samun ruwa fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano ba ta cika kai 1,000 ba, Agadas kuwa ko 200 da ƙyar. Iska mai laimar ta fi daɗewa a kudu, mu ta ba mu wata huɗu zuwa biyar, su can arewa ta leƙa kawai. Jos kuma tsayinta ne ya ba ta sanyi, domin tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya.

Yanzu ku lura da wani abu. Ruwan da ke jiƙa gonakinmu daga teku yake zuwa, tekun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na duniya, kuma shi ke shanye kusan kashi 90 na ƙarin zafin da duniya ke tarawa. Idan zafinsa ya sauya, daminarmu tana ji a jikinta. Binciken masana ya danganta farin da aka sha a yankin Sahel a 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, da sauyin zafin tekuna. Kakanninmu suna ba da labarin waɗannan shekaru, yadda dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Har ɗumamar da ake kira El Nino, wadda ke faruwa can a tekun Fasifik duk bayan shekara 2 zuwa 7, tana iya rage mana ruwa.

Ƙanƙara ba zan daɗe a kanta ba. Fara ce, tana mayar da haske. Idan ta narke, baƙin ruwa ya bayyana, ya sha zafi, wata ƙanƙarar ta ƙara narkewa. Dutse mai aman wuta kuma yana iya yin akasin haka. Da Pinatubo ya fashe a ƙasar Filifin a 1991, hayaƙinsa ya tare rana har zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na ɗan lokaci.

Babin ya rufe da masu rai. Bishiya tana zuƙe kabon dayoksaid, tana mayar da tururin ruwa sama ta ganyenta, saiwarta tana riƙe ƙasa. A ganina wannan sashe ya cancanci fiye da shafi ɗayan da aka ba shi, domin a cikin sassan nan biyar, shi ne wanda gatarin mai itace a ƙauyenmu yake taɓawa kai tsaye.

Malam ya ce mu shirya zana matsayin iyakar iskokin nan a watan Janairu da na Yuli, don haka zan bar taswirar a allo kowa ya kwafa. Rukuni na huɗu ne zai kawo mana babi na bakwai, kan rabe-raben yanayi. Kafin nan, mai tambaya ya ɗaga hannu, ni da 'yan rukunina za mu amsa, abin da ya fi ƙarfinmu kuma Malam yana nan.

Na gode, Malam. Na gode, 'yan'uwa.