Takarda zuwa ga Malama Hadiza kan rabon aiki a taron adana wake

Damagaram, 10 ga Oktoba 2024

Malama Hadiza,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto miki yadda nake ganin za mu raba aiki ranar Laraba 16 ga wata, lokacin da za mu tsaya gaban wakilan ƙungiyoyin manoma na Mirya, Magarya da Matamai domin yi musu bayanin adana wake a buhu mai ninki uku. An ba mu awa ɗaya da rabi daga ƙarfe tara na safe, kuma tunda yawancinsu za su kwana domin cin kasuwar Dole ranar Alhamis, babu wanda zai gaggauta mu, amma duk da haka ina son mu gama kafin rana ta yi zafi.

Ni zan buɗe taron bayan addu'a, in gai da dattawa, in gabatar da ke da sunanki da aikinki a matsayin abokiyar aikina, domin yadda aka gabatar da mutum haka jama'a ke ɗaukarsa har a tashi. Daga nan zan ɗauki minti goma sha biyar in faɗi asalin buhun, wato aikin Jami'ar Purdue ta Amurka wanda aka fara yaɗawa a Nijar daga 2007 tare da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, sannan in taɓo asarar da manomi ke yi idan tsoron ƙwari ya sa ya sayar da wakensa da kaka a kan araha.

Sauran bayanin naki ne, minti talatin, kuma shi ne abin da ya tara mutanen. Za ki nuna ledoji biyu na ciki da buhun saƙa na waje, ki gwada yadda ake duba leda ko ta huje, yadda ake matse iska bayan an zuba wake busasshe wanda aka sheƙe, da yadda ake ɗaure kowane ninki daban. Ki tsaya sosai a kan dalilin mutuwar ƙwarin, cewa iskar da suke shaƙa ce ke ƙarewa a ciki ba tare da an sa magani ba, domin wanda ya gane wannan ba zai riƙa kwance buhu yana ɗibar na miya ba. Yayin da kike magana, ni ne mai riƙe miki bakin buhu da miƙo tiya, kuma ba zan sa baki ba.

Batun tambayoyi shi ya fi damuna, don haka zan faɗe shi dalla-dalla. Ni zan riƙa ba da damar magana, amma amsa tana ga wanda ya yi bayanin abin da aka tambaya. Duk abin da ya shafi buhun, bushewar wake, ɓeraye, ɗora buhu a kan katako nesa da bango, ko sake amfani da leda a shekara ta biyu, ke za ki amsa. Na san dattawa za su juyo gare ni ko da ke kika yi bayanin, saboda furfura, kuma idan haka ta faru zan ce Malama Hadiza ce ta riƙe wannan ɓangare, in yi shiru. Kada ki dube ni kafin ki amsa, domin kallon nan kaɗai yana sa a zaci ba ki tabbata ba.

Tambayar kuɗin buhu, da ta tallafi ko bashi, da duk wani ƙorafi kan kayan da aka raba a baya, ki bar mini su, domin amsarsu na iya zama alkawari, kuma idan akwai tsiya a kaina ya kamata ta sauka. Abin da ba mu da amsarsa mu duka biyu, ke za ki rubuta shi tare da garin mai tambaya, mu ce za mu aiko da amsa.

Idan na ji kin yi kuskure a adadi, zan bari ki kai aya sannan in ce ina da ƙari, in faɗi daidai ba tare da na kira shi gyara ba. Ni ma idan na kauce ki yi mini haka, kada kunya ta hana ki. Bayan an tashi, ki zauna da wakilan mata ke kaɗai na ɗan lokaci, tunda ba kowacce ke ɗaga hannu a gaban maza ba.

Mu haɗu ranar Talata bayan la'asar mu gwada komai sau ɗaya. Ki zo da buhuna biyu da leda ɗaya hujajjiya, ni zan kawo tiya goma ta wake da igiya. Idan akwai abin da bai yi miki ba a wannan rabo, ki faɗa mini kafin ranar.

Naki,
Malam Isufu