Tsarin Aikin Na'urar Sarrafa Iska AHU-2 Mai Sanyaya Gini da Iskar Waje

Wannan takarda ta fayyace yadda manhajar kula da ginin, wato BMS, za ta tafiyar da AHU-2, wadda ke ba hawa na biyu na ginin ofisoshin da ke Jos iska. Na'urar tana da fankar turawa da fankar dawowa, kowacce da VFD nata mai sarrafa saurinta, da koyil na ruwan sanyi mai bawul CHWV, da matatar ƙura mai hawa biyu, da ƙofofin iska uku: OAD ta iskar waje, RAD ta iskar da ke dawowa daga ofisoshi, da EAD ta iskar da ake fitarwa. Ba ta da koyil na dumamawa. Cikakken ƙarfinta lita 4,000 ne a daƙiƙa, tana kuma ciyar da akwatunan VAV goma sha huɗu, masu daidaita yawan iskar da ke shiga ofisoshi. Duk adadin da aka ambata a nan sai ya kasance mai kula da gini zai iya sauya shi daga allo ta hanyar BACnet, ba tare da an taɓa manhajar ba.

Tashi da tsayawa

Na'urar za ta yi aiki daga ƙarfe 7:00 na safe zuwa 6:00 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Idan lokacin tashi ya yi, BMS za ta fara buɗe RAD gaba ɗaya, ta jira makunnin da ke jikin ƙofar ya tabbatar da buɗewarta, sannan ta tayar da fankar turawa a hankali cikin daƙiƙa 90, fankar dawowa ta biyo baya. Idan daƙiƙa 60 suka wuce ba a sami shaidar cewa fanka na juyawa ba, za a janye umarnin, a aika ƙararrawa. A lokacin tsayawa kuwa, CHWV zai rufe, fankoki su tsaya, OAD da EAD su rufe ruf, RAD ta zauna a buɗe. Bayan ɗaukewar wuta ko komawa kan janareta, AHU-2 za ta jira minti biyu kafin ta tashi, domin kada ita da AHU-1 su ɗora wa janaretan nauyi a lokaci guda.

Matsin iska

Fankar turawa za ta riƙe matsin 250 Pa a wurin awon da ke kashi biyu bisa uku na tsawon babban bututu. Kowane minti biyu, idan babu akwatin VAV da ƙofarsa ta haura kashi 85 cikin ɗari, za a rage matsin da 10 Pa, amma ba zai sauka ƙasa da 125 Pa ba; idan akwatuna biyu ko fiye suka kai kashi 95, za a ƙara 15 Pa har zuwa 300 Pa. Fankar dawowa za ta bi ta turawa da ratar da za ta bar matsin cikin ginin ya fi na waje da 12 Pa, abin da ke hana ƙura shigowa ta tagogi da ƙarƙashin ƙofofi.

Sanyaya da iskar waje

Dalilin saka wannan tsari a ginin shi ne yanayin Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. A watannin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar safiya da ta dare takan fi ta cikin ofis sanyi sosai, don haka asara ce a kunna injin ruwan sanyi alhali abin da ake nema yana bakin ƙofa. Sai dai zafin iska shi kaɗai ba zai isa a yanke hukunci ba. A tsakiyar damina iskar waje tana iya sauka zuwa 20°C, amma tana ɗauke da danshin da zai ƙara wa koyil aiki idan aka shigo da ita da yawa. Saboda haka za a duba entalfi, wato jimillar zafin iskar haɗe da na tururin da ke cikinta, wanda BMS za ta lissafa daga OAT, zafin iskar waje, da OARH, danshinta; sakamakon shi ne OAH. Iyakar da aka sa ita ce 51 kJ/kg, wadda ta yi kusa da entalfin iska mai 24°C da danshi kashi 50 a tsayin Jos. Mai rubuta manhaja ya kula ya yi lissafin da matsin sararin wurin, kimanin 88 kPa, domin idan ya bar na bakin teku, adadin zai fito ƙasa da gaskiya, ƙofa ta buɗe wa iska mai danshi. A sharuɗɗan da ke ƙasa, ECON_EN shi ne izinin sanyaya da iskar waje, SF_STS shaidar cewa fankar turawa na juyawa, RAT zafin iskar dawowa, PM10 kuma yawan ƙurar da ke cikin iskar waje.

```
ECON_EN = SF_STS
  AND OAT < RAT - 1.0
  AND OAT < 24.0
  AND OAH < 51.0
  AND PM10 < 150
```

Sai waɗannan sharuɗɗa sun cika na minti goma a jere kafin ECON_EN ya kunnu. Zai mutu idan OAT ya kai RAT, ko ya wuce 25°C, ko OAH ya wuce 53 kJ/kg, na tsawon minti biyar. Sharaɗin ƙura dabam yake, domin lokacin da iskar waje ta fi daɗi shi ne kuma lokacin hazo: da zarar PM10 ya haura 200 µg/m³ za a koma mafi ƙarancin iskar waje nan take, kuma ba za a sake buɗewa ba sai ya zauna ƙasa da 150 na minti talatin.

Madauki ɗaya na PI ne zai riƙe SAT, wato zafin iskar turawa, ya sarrafa ƙofofi da bawul bi da bi, don kada su yi ta ja-in-ja. Daga sifili zuwa kashi 50 na umarnin madaukin, OAD da EAD za su buɗe daga matsayinsu na ƙasa zuwa ƙarshe yayin da RAD ke rufewa daidai gwargwado, CHWV yana rufe. Daga kashi 50 zuwa 100, OAD za ta zauna a buɗe gaba ɗaya, bawul ya fara buɗewa ya cike gurbin sanyin da ya rage. Idan ECON_EN a kashe yake, bawul ne kaɗai ke bin madaukin. SAT da ake nema 13°C ne, ana iya ɗaga shi a hankali zuwa 18°C idan babu akwatin da ke neman ƙarin sanyi, amma zai koma 13°C duk lokacin da danshin iskar dawowa ya wuce kashi 60. Idan MAT, wato zafin gaurayen iskar waje da ta dawowa, ya faɗi ƙasa da 11°C, OAD za ta ja baya har ya daidaita.

Muddin akwai mutane a ginin, iskar waje ba za ta yi ƙasa da lita 600 a daƙiƙa ba, bisa awon na'urar da ke bakin mashiga, ko da hazo ya yi tsanani. Kafin shigowar ma'aikata, daga 5:30 na asuba, idan zafin ofisoshi ya wuce 25°C kuma sauran sharuɗɗan ECON_EN, ban da SF_STS, suka cika, na'urar za ta sanyaya ginin da iskar waje zalla, bawul a rufe.

Kariya da ƙararrawa

Na'urar gano hayaƙi a bututun turawa da na dawowa, da makunnin matsi na 750 Pa, za a haɗa su da waya kai tsaye zuwa VFD, su tsayar da fankoki ko BMS tana aiki ko ba ta aiki, kuma sai mutum ya je ya sake saita su da hannu. Ƙararrawar matata za ta tashi idan bambancin matsi ya kai 150 Pa a ta farko ko 250 Pa a ta biyu. Idan na'urar awon OAT, OARH ko PM10 ta lalace, za a kashe ECON_EN har sai an gyara.

BMS za ta kuma sa ido kan ƙofofin kansu: idan an umarci OAD ta buɗe gaba ɗaya amma MAT ya bambanta da OAT da fiye da 2°C na minti goma sha biyar, za a sanar cewa wata ƙofa ta maƙale. Za a adana OAT, OAH, RAT, MAT, SAT, PM10, matsayin ƙofofi, na bawul da saurin fankoki kowane minti biyar, na aƙalla kwanaki 90, kuma ba za a karɓi aikin daga ɗan kwangila ba sai an gwada kowane sharaɗi na sama a gaban injiniyan mai gini.