Amsar Tambaya ta 2: Wotafol da Ajayil a Aikin Manhajar Katin Asibiti

Tambaya: Wani babban asibitin jiha zai daina amfani da katin takarda, ya koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta cikin wata 9. Kwatanta tsari biyu na tafiyar da aiki daga farawa zuwa miƙawa, ka faɗi wanda ya dace.

Amsa:

Wotafol tsari ne na hawa-hawa: a tattara buƙatu, a zana fasali, a gina, a gwada, sannan a miƙa. Ba a shiga mataki sai an sa hannu a kan wanda ya gabace shi. Ana danganta shi da maƙalar Winston Royce ta 1970, ko da yake shi kansa ya yi gargaɗin cewa barin gwaji sai ƙarshe haɗari ne. Ajayil kuwa, wanda mutum 17 suka rubuta ƙa'idodinsa a Utah a 2001, yana yanka aiki gunduwa-gunduwa. A salon Sikiram, ɗaya daga cikin hanyoyin Ajayil, zango, wato lokacin yin gunduwa ɗaya, ba ya wuce wata guda, kuma a ƙarshensa ana nuna wa masu aikin abin da ya kammala.

A wannan asibiti, bambancin da ya fi nauyi shi ne yaushe za a gano kuskure. Ma'aikacin ɗakin kati da bai taɓa riƙe manhaja ba, in ka ce ya rubuto buƙatunsa a watan farko, rabi zai faɗa. Sai ya zauna gaban allo zai tuna cewa mace takan zo da katin kishiyarta, ko kuma akwai Aisha Muhammad goma a rajista, da yawansu ba su san ranar haihuwarsu ba. A Wotafol, wannan ba zai fito ba sai wajen wata na 8, lokacin da gyara ya zama rushe gini. A Ajayil zai fito tun zango na biyu.

Amma Wotafol yana da ranarsa. Kwangilar gwamnati, a tarayya ƙarƙashin dokar sayayya ta 2007 da makamantanta a jihohi, tana son a san kaya da farashi kafin a bayar da aiki. Sayen kwamfutoci, jan waya da kafa sola ba sa canzawa don ra'ayin nas. Haka matakan tsare sirrin majinyata da dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta, gara a tsara su tun farko.

Raunin Ajayil a nan shi ne yana buƙatar wakilin asibiti mai ikon yanke hukunci duk mako biyu, likitoci kuwa layin majinyata bai bar musu sarari ba. In babu wannan mutum, buƙatu za su yi ta ƙaruwa har kuɗi su ƙare.

Don haka na zaɓi Ajayil ga manhajar, a fara da ɗakin kati, sannan kantin magani, sannan ɗakin gwaji. Kayan aiki da wuta a bi da su ta Wotafol a wata 3 na farko. Sharaɗina shi ne hukumar asibitin ta naɗa shugaban sashen bayanai wakili, a rubuce, kafin a buɗe zangon farko.